BABI NA TAKWAS: TAƘAITA MATANI DAGA WANI HARSHE TARE DA KIYAYE KEƁAƁƁUN KALMOMI

8.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin taƙaitawa a cikin harshe ɗaya, wato inda matanin Hausa ne, taƙaitaccen bayanin ma Hausa ne. A wannan babi za a dubi aiki mai nauyi biyu: rage tsawon matani, da kuma sauya masa harshe a lokaci guda. Wahalar wannan aiki tana taruwa ne a kan keɓaɓɓun kalmomi, wato kalmomin da masana wani fanni suka ba su ma'ana ƙayyadajjiya wadda ba ta yarda da ragi ko ƙari. Mai taƙaitawa yana neman kalma ɗaya da za ta maye gurbin goma, ita kuwa keɓaɓɓiyar kalma ba ta son a haɗa ta da 'yar'uwarta.

Domin kada bayanin ya tsaya a baki kawai, za a ɗauki matani guda a bi shi daga farko har ƙarshe. Matanin shi ne sashen zakkar amfanin gona na littafin Risala, kuma masu karatun da ake nufi su ne manoman ƙasar Katsina waɗanda ba su jin Larabci. Wannan darasi na harshe ne, ba fatawa ba. Hukuncin zakka ana neman sa a wurin malaman fiƙihu.

8.1 Matanin da Masu Karatunsa

Risala littafin fiƙihun mazhabar Malikiyya ne, wanda Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wallafa. Malamin ya rayu a birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya ta yau, ya kuma rasu a shekarar 996 Miladiyya. Littafin yana cikin waɗanda ɗalibi kan karanta a makarantun zaure bayan Ahalari da Ishmawi, kafin ya kai ga Muhtasar na Halilu. Katsina ba baƙuwar irin wannan karatu ba ce, domin a ƙarni na 17 ta fitar da malamai irin su Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a shekarar 1667, har ya yi sharhi a kan Ishmawi.

A zaure, malam yakan fassara wa almajiri kalma bayan kalma, ya tsaya ya yi sharhi inda ya ga dama. Mai taƙaitawa ba shi da wannan sarari. A ce an ba shi rabin shafi a wata 'yar takardar wayar da kai da za a raba wa manoma lokacin kaka. Ba zai kasance tare da mai karatu ba balle a tambaye shi. Abin da ya rubuta shi ne manomi zai ɗauka ya je bakin rumbu ya yi awo da shi.

Sashen da ake magana a kansa ya ƙunshi abubuwa shida: lokacin fitar da zakkar gona, mafi ƙarancin abin da zakka take hawa kansa, ma'aunan da ake auna shi da su, irin amfanin da ake haɗa lissafinsa da wanda ba a haɗawa, yadda ake yi da dabino da zabibi da 'ya'yan da ake matse mai daga cikinsu, da kuma abin da ba a fitar masa da zakka.

8.2 Mataki na Farko: Fitar da Kalmomin Kafin a Fara Ragi

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su fara datse jimloli, sa'an nan su koma neman ma'anar abin da ya rage. Daidai shi ne a fara da kalmomin. Mai taƙaitawa zai karanta sashen sau biyu, ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da hukunci ya rataya a kanta. Hanyar gane irin wannan kalma mai sauƙi ce: a musanya ta da makusanciyarta, a ga ko abin da mai karatu zai aikata ya sauya. In ya sauya, to keɓaɓɓiya ce.

Da wannan gwaji za a fitar da ma'aunai uku, wato wusƙi da sa'i da muddi. Za a fitar da sunayen amfanin gona irin su duhunu da zurra da sultu da juljulan, da sunan rukuni guda, wato ƙuɗniyya. Akwai kuma hauli, wato zagayowar shekara, da sinfi, wato nau'in da ake lissafa shi shi kaɗai. Bayan an jera su, sai a tambayi kowace ɗaya tambayoyi biyu: mene ne ma'anarta a wannan fanni a zamanin marubucin, kuma me Bahaushe zai fahimta idan ya ji kalmar da na zaɓa mata? Amsar tambaya ta farko tana cikin littattafan sharhi da bakin malaman fannin. Amsar ta biyu tana kasuwa da gona. Ƙamus shi kaɗai ba ya wadatarwa a ko ɗaya daga cikinsu.

8.3 Kalma Mai Kama da Tamu: Muddi da Mudu

A lissafin Risala, zakka tana hawa kan amfani idan ya kai wusƙi 5. Kowane wusƙi sa'i 60 ne, kowane sa'i kuma muddi 4 ne da ma'aunin Annabi (SAW). Ke nan wusƙi 5 sa'i 300 ne, ko muddi 1,200. Wannan iyaka ita ce nisabi, kalmar da ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa.

Matsalar tana ga muddi. Hausa tana da kalmar mudu, wadda ta yi kama da ita a furuci, amma mudun kasuwa ya fi muddin shari'a girma, kuma girmansa yana bambanta daga gari zuwa gari. Akwai ɗalibin da ya taɓa kawo mini aikinsa ya rubuta "mudu 1,200". Da abokin aikinsa ya duba, sai ya ce ai a Katsina da tiya ake awo, ya gyara masa zuwa "tiya 1,200", da niyyar kusanto da bayanin ga mai karatu. Mu dubi abin da wannan gyara ya haifar.

A kasuwa ana lissafa buhu babba a kan tiya 40, nauyinsa kuma wajen kilo 100. Tiya 1,200 ta zama buhu 30. Shi kuwa nisabin gaskiya, Shaihu Yusuf Alƙardawi ya ƙiyasta shi da kimanin kilo 653 na alkama, wato buhu shida da rabi, wanda ke nuna muddi ɗaya rabin kilo ne da 'yar ɗoriya. Manomin da ya sami buhu 20 ya ninka nisabi sau uku, amma idan ya karanta takardar ɗalibin nan zai ɗauka sauransa buhu goma kafin zakka ta hau kansa. Ba a yi kuskuren nahawu ko ɗaya a jimlar ba, lambar ma daidai take. Kalma ɗaya ce ta ninka awon fiye da sau huɗu.

Mafita tana cikin Hausa kanta. Bahaushe ya riga ya ware wannan ma'auni da sunan mudun Annabi, ko mudannabi, kuma ya san shi a aikace, domin da shi yake auna zakkar fid da kai, huɗu ga kowane mutum. Wannan huɗun shi ne sa'i. Saboda haka mai taƙaitawa zai riƙe kalmar sa'i, ya bayyana ta sau ɗaya da abin da mai karatu ya sani, ya ci gaba da amfani da ita. Idan zai ambaci kilo ko buhu, wajibi ne ya sa kalmar "kimanin", domin sa'i awon cika ne ba na nauyi ba, kuma kwano ɗaya na alkama da na shinkafa ba su zo daidai a sikeli.

Risala ta kuma kawo nisabin da wani ma'auni mai suna ƙafizi, inda ya zama shida da kwata. Marubucin ya yi haka ne don mutanen ƙasarsa da suka saba da shi. Wannan ana iya zubar da shi ba tare da hasara ba, tunda maimaici ne na adadin da aka riga aka faɗa, kuma manomin Katsina bai san ma'aunin ba. Ashe ba kowace keɓaɓɓiyar kalma ce dole ta tsira ba. Wadda dole ta tsira ita ce wadda in an cire ta hukunci zai gurgunce.

8.4 Kalma Mai Faɗi: Haɗarin "Hatsi"

Babban makamin mai taƙaitawa shi ne kalma gama-gari. Inda matani ya jero kujera da tebur da gado, sai ya ce kayan ɗaki. A mafi yawan rubutu wannan dabara ce mai kyau. A nan kuwa tarko ce, domin rabe-raben da ake so a dunƙule su ne ainihin saƙon.

A Risala ana haɗa lissafin alkama da sha'ir da sultu, su zama kamar abu ɗaya wajen cika nisabi. Haka ma dangin wake ana haɗa su da junansu. Amma shinkafa da gero da dawa, kowanne sinfi ne mai zaman kansa, ba a cika nisabin ɗaya da ɗaya. Yanzu a ɗauki manomi a Batagarawa wanda ya sami gero sa'i 200 da dawa sa'i 180. A bisa Risala, babu wanda ya kai 300 a cikinsu, don haka zakka ba ta hau ko ɗaya ba. Idan taƙaitaccen bayani ya ce "hatsi idan ya kai sa'i 300", manomin zai haɗa su ya sami 380, ya ɗauka zakka ta wajaba a kansa. Ƙari a kan haka, a wasu sassan ƙasar Hausa, musamman yamma da arewa, in an ce hatsi gero kawai ake nufi, sai mai dawa ya zaci maganar ba ta shafe shi ba. Kalma ɗaya ta ɓatar da masu karatu biyu ta fuskoki mabambanta.

Ƙa'idar ita ce: ana dunƙule jerin da marubuci ya kawo a matsayin misali, amma ba a dunƙule jerin da ya kawo don ya rarrabe.

Sunayen amfanin su ma suna bukatar lura. Duhunu gero ne, juljulan kuma riɗi. Zurra a Larabcin yau ta fi nufin masara, kuma ɗalibin da ya dogara da ƙamusun zamani haka zai fassara ta. Amma masara daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta iso sauran duniya ba sai bayan shekarar 1492, wato kusan shekaru 500 bayan rasuwar marubucin. Zurrar Risala dawa ce. Ita kuma ƙuɗniyya ta yi kama da sunan auduga a Larabci, har wasu ɗalibai sukan rubuta "dangin auduga", alhali tana nufin 'ya'yan da ke cikin kwanso irin su wake. Sultu kuwa wani ɗan'uwan sha'ir ne marar ɓawo wanda ba a noma shi a nan, kuma Hausa ba ta da sunansa. Ba a ƙirƙira masa suna, ba a kuma kira shi acca ko iburu don kawai a cike gurbi. Ana barin sunansa, ko a ce "alkama da sha'ir da ɗan'uwansu sultu".

8.5 Ƙananan Kalmomi da Abin da Matani Bai Faɗa Ba

Ba sunaye kaɗai ke ɗauke da hukunci ba. Risala ta kawo nisabi ta hanyar korewa, wato ta kore zakka daga abin da bai kai wusƙi 5 ba. Mai taƙaitawa yakan juya korewa zuwa tabbatarwa don ya rage kalmomi, kuma hakan ba laifi ba ne. Amma sai ya zaɓi aikatau da kyau. "Idan ya kai sa'i 300" daidai ne. "Idan ya wuce sa'i 300" kuskure ne, domin ya fitar da wanda ya sami 300 cif. Haka nan hauli sharaɗi ne na zakkar zinariya da azurfa da dabbobi. Zakkar gona tana rataye da girbi. Wanda ya rubuta "ana fitar da zakka sau ɗaya a shekara" ya shafe wannan bambanci, ya kuma ruɗa manomin da ke girbin damina da na rani.

Akwai kuma abin da manomi ya fi bukatar ji, wato nawa zai fitar. A wannan sashe Risala ba ta ambaci adadin ba. Ana samun sa a hadisi da Muhtasar da littattafan sharhi: ushuri, wato ɗaya bisa goma, ga abin da ruwan sama ko kogi ya shayar ba tare da wahala ba, rabin ushuri, wato ɗaya bisa ashirin, ga abin da aka shayar da na'ura ko jigo. Mai taƙaitawa yana iya ƙara wannan saboda bukatar mai karatu, da sharaɗin ya nuna cewa daga wani wuri ya ɗauko shi. Kuma kada ya taƙaita sharaɗin da cewa "noman rani", domin abin lura shi ne yadda ruwan ya isa gona, ba lokacin da aka yi noman ba. Mai gero sa'i 400 na damina zai fitar da 40. Mai alkama sa'i 400 da ya shayar da injin ban ruwa a Jibiya zai fitar da 20.

Daga ƙarshe, dole a ambaci mai maganar. Imamu Abu Hanifa bai sanya nisabi ga amfanin gona ba, kuma yana ganin zakka a kayan lambu. Saboda haka "a Musulunci" ba daidai take da "a Risala" ba. Taƙaitaccen bayani yana wakiltar matani ne, ba fannin gaba ɗaya ba.

8.6 Zubi Biyu

Ga irin zubin farko da ɗalibai kan kawo:

"Ana fitar da zakkar hatsi duk shekara idan ya wuce mudu 1,200. Ana haɗa hatsi iri-iri wajen lissafi, haka ma dangin auduga. Babu zakka a sauran kayan gona."

Wannan zubi gajere ne, Hausarsa kuma tana tafiya sumul, amma yana ɗauke da kurakurai a kowace jimla: hauli a maimakon girbi, "wuce" a maimakon "kai", mudu a maimakon mudun Annabi, haɗa abin da ba a haɗawa, auduga a maimakon wake, da kuma "sauran kayan gona" wanda ya kori dabino da riɗi ba da izinin matani ba. Ga zubin da aka gyara:

"A littafin Risala, na mazhabar Malikiyya, zakkar gona tana fita ne lokacin girbi, ba a jiran shekara. Nisabinta sa'i 300 ne. Sa'i shi ne mudun Annabi huɗu, irin awon zakkar fid da kai ta mutum ɗaya. Gero da dawa da shinkafa kowanne lissafinsa daban, ba a cika ɗaya da ɗaya. Amma alkama da sha'ir da sultu lissafinsu ɗaya, haka ma wake da danginsa. Dabino da zabibi suna da zakka. Zaitun da riɗi ana auna 'ya'yan, a fitar daga man. Kayan lambu da kayan marmari ba su da zakka. Ƙarin bayani daga Muhtasar: ana fitar da ɗaya bisa goma, ko ɗaya bisa ashirin idan da na'ura aka shayar."

Zubi na biyu ya fi na farko tsawo sau uku, duk da haka ya shiga rabin shafi. An zubar da wusƙi da ƙafizi, an zubar da bayanin gonar dabino mai iri daban-daban da na sayar da amfani kafin fitarwa, domin ba su ne bukatar mai karatun nan ta farko ba. An riƙe nisabi da sa'i, kuma kowace an kira ta da suna ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A rubutun adabi sauya kalma ado ne. A irin wannan rubutu, mai karatu yana ɗaukar sabuwar kalma a matsayin sabon abu.

8.7 Yadda Ake Gwada Aikin

Sake karantawa ba ya tona irin waɗannan kurakurai, tunda jimlolin lafiya suke a nahawu. Gwajin da ya fi amfani shi ne na aiki. A shirya matsaloli uku ko huɗu masu lambobi, kamar na manomin Batagarawa. A ba wani wanda bai san matanin ba taƙaitaccen bayanin kawai, a ce ya warware su. A ba wani masanin Larabci asalin matanin, shi ma ya warware su. Inda amsoshinsu suka saɓa, to a nan wata kalma ta zame. A tabbata ɗaya daga cikin matsalolin ta faɗa daidai kan iyaka, wato sa'i 300 cif, wata kuma ta haɗa nau'i biyu, domin a irin waɗannan wurare ne ɓaraka take fitowa.

8.8 Kammalawa

An ga cewa ana fitar da keɓaɓɓun kalmomi kafin a fara ragi, kuma ana auna kowace da ma'anarta a fanninta da kuma abin da mai karatu zai ji. An ga haɗarin kalma mai kama da tamu, da kalma mai faɗi, da kalmar da ma'anarta ta sauya da zamani. Wannan tsari shi ne malami zai bi ko da matanin na Ingilishi ne ko Faransanci, a kan magani ko taki ko doka.

8.9 Tambayoyi da Jinga

1. Bayyana dalilin da ya sa aka zubar da ƙafizi aka riƙe sa'i a zubi na biyu.

2. Manomi ya sami alkama sa'i 220 da sha'ir sa'i 80, duka da injin ban ruwa ya shayar da su. Yi amfani da zubi na biyu ka fitar da abin da ya hau kansa, sa'an nan ka nuna jimlolin da ka dogara da su.

3. Kawo kalmomin Hausa uku na aro waɗanda ma'anarsu ta saɓa da ta harshen da aka aro su, ka nuna yadda kowace za ta iya ɓata taƙaitaccen bayani.

4. Jinga: Nemi wani malamin zaure ya karanta maka sashen zakkar dabbobi na Risala. Jera keɓaɓɓun kalmomin da suka shafi shekarun shanu, ka tambayi makiyayi sunayen da yake kiran waɗannan shekaru da su, sa'an nan ka taƙaita sashen cikin layuka goma. Haɗa da matsaloli uku da ka gwada aikinka da su.